Yadda ake tantance maganar koci ko ɗan wasa kafin a sa ta a labari

Alamar zancen wani, wato ƙananan waƙafin nan biyu da muke buɗe magana da su mu rufe, alkawari ce tsakaninka da mai karatu. Idan ka sa ta, cewa kake yi waɗannan kalmomi daga bakin wannan mutum suka fito, a haka suka fito, kuma a lokacin da ka ambata. Marubucin wasanni ya fi kowa saurin karya wannan alkawari ba da niyya ba, domin aikinsa na gaggawa ne. An tashi wasa wajen ƙarfe shida, 'yan kallo na ta ihu, koci ya tsaya minti huɗu a bakin fili ya yi magana rabi Hausa rabi Turanci, edita kuma yana ta kiran waya yana jiran labari kafin sallar isha'i. A irin wannan yanayi ne kunne yake ƙara wa magana gishiri.

Ni ma na taɓa faɗa wa ramin. Na rubuta cewa wani koci ya ce 'yan wasansa sun gaji, na sa a cikin alamar zance. Washegari ya kira ni cikin natsuwa ya ce, "Malam, kai ka ce sun gaji, ni amsa maka kawai na yi da to." Na koma na saurari abin da na naɗa, gaskiyarsa ce. Yaran sun karanta labarin, sun ɗauka ya kai ƙararsu gaban jama'a, kuma ni na jawo masa. Tun daga ranar nake bin matakan da ke ƙasa, ko da lokaci ya ƙure.

Tun a fili ake fara tantancewa

Kafin ka yi tambayar farko, kunna na'urar naɗar murya ta wayarka, ka faɗi ranar, da wasan, da sunan wanda za ka yi magana da shi. Daƙiƙa biyar ce, amma ita za ta cece ka bayan wata uku idan gardama ta tashi. Ka matsar da wayar kusa da bakinsa, domin a wuri irin filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, idan magoya baya suna cikin murna ko fushi, wayar da ke nesa da taku biyu ihu kawai za ta kwaso.

Riƙe littafi duk da haka. Ba duk maganar za ka rubuta ba, lokaci za ka riƙa rubutawa. Da zarar ya faɗi abin da ka ji zai shiga labari, kalli fuskar wayar ka rubuta minti da daƙiƙa, kamar 00:47, da kalma ɗaya ko biyu da za su tuna maka. Idan mutane da yawa ne suke magana, ka rubuta wanda ya yi kowace. Mataimakin koci da jami'in hulɗa da manema labarai sukan tsoma baki, kuma a cikin naɗi murya takan yi kama da murya.

Sunan mutum da muƙaminsa, a bakinsa za ka tambaya. Akwai bambanci tsakanin babban koci da mai riƙon ƙwarya da mai ba da shawara kan dabarun wasa, kuma a ƙungiyoyinmu waɗannan kujeru suna sauya hannu a tsakiyar kaka. Ɗan wasan da ba ka sani da fuska ba, duba lambar rigarsa a takardar jerin 'yan wasa ta ranar, sannan ka tambaye shi ya tabbatar.

Saurara, ka rubuta yadda ta fito, har da tambayar

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne uwar aikin. Mu ƙaddara an tashi wasa 1-1. Masu gida suna gaba har minti na 88, sai aka ba baƙi fenariti suka farke. Ka naɗi kocin masu gida na minti huɗu. Ka zauna ka sa abin saurare a kunne, ka je 00:41, ka rubuta abin da ka ji ba tare da gyara ko harafi ba:

Ɗan jarida: "Koci, kana ganin alƙalin wasa ya cuce ku a wannan fenariti?"

Koci: "To, ka ga, ni dai daga inda nake tsaye ban gani sosai ba. Yara sun ce ba a taɓa shi ba. In haka ne, an cuce mu. Amma sai na kalli bidiyo tukuna. Mu ma mun ɓarar da dama uku kafin hutun rabin lokaci, ka gane, da tuni an gama wasan."

Yanzu ga abin da kai zai kawo maka idan ka dogara da tunani a kan hanyar komawa ofis: "Alƙalin wasa ya cuce mu," in ji koci. Jimla ce mai daɗi, ta dace da kanu, za a yi ta yaɗa ta. Amma dubi ɓarnar da ke cikinta ɗaya bayan ɗaya.

Kalmar alƙalin wasa ba ta fito daga bakin kocin ba ko sau ɗaya. A tambayar take. Ɗan jarida ne ya kawo ta, ya kawo kalmar cuta ma, koci ya ara ya yi amfani da ita da sharaɗi. Wannan ne dalilin da ya sa nake cewa a rubuta tambayar tare da amsar. In ba ka ga tambayar a takarda ba, ba za ka gane inda maganarka ta ƙare tasa ta fara ba.

Sai sharaɗin. "In haka ne" kalmomi uku ne kacal, amma su ne suke ɗauke da ma'anar jimlar. Mutumin da ya ce "in haka ne, an cuce mu" bai yanke hukunci ba. Ya ma faɗa da bakinsa cewa bai gani ba, kuma sai ya kalli bidiyo. Wanda ya cire wannan ya mayar da mai taka-tsantsan mai zargi. Abin kuma ba a takarda yake tsayawa ba. Masu shirya gasa suna iya hukunta koci a kan sukar alƙalan wasa a bainar jama'a, kuma labarinka ne za a ɗauko a matsayin hujja. Shi ma alƙalin wasan mutum ne mai iyali, wanda zai sake dawowa wannan gari ya busa wasa a gaban waɗannan magoya baya.

Na uku, "yara sun ce ba a taɓa shi ba" ba shaidar koci ba ce. Ji ya yi daga 'yan wasansa. Idan ka rubuta cewa koci ya ce ba a taɓa ɗan wasan ba, ka tsallake mutum ɗaya a silsilar. Malaman hadisi sun koya mana darajar isnadi, wane ya ji daga wane, kuma wannan tarbiyya tana da amfani ko a labarin ƙwallo. Daidai shi ne a ce kocin ya ce 'yan wasansa sun shaida masa ba a taɓa ɗan wasan baƙin ba.

To me za ka rubuta? Ga yadda zan yi da wannan naɗi:

Kocin masu gida ya ce bai ga abin da ya jawo fenaritin sosai ba daga inda yake tsaye, kuma ba zai yanke hukunci ba sai ya kalli bidiyo. Ya ce 'yan wasansa sun shaida masa ba a taɓa ɗan wasan baƙin ba. "In haka ne, an cuce mu," in ji shi. Ya kuma ɗora wa ƙungiyarsa wani ɓangare na laifin: "Mu ma mun ɓarar da dama uku kafin hutun rabin lokaci, da tuni an gama wasan."

Lura da yadda aka raba aikin. Wurin da maganarsa ta yi ta kewaye-kewaye, na faɗe shi da kalmomina na jingina masa. Wurin da kalmominsa suke da nauyi, na bar su yadda suke, bayan na share musu hanya ta yadda mai karatu zai san me "haka" take nufi.

Gyaran da ya halatta da wanda bai halatta ba

A jimlar ƙarshe na cire "ka gane". Wannan ya halatta a wurina, domin cikon baki ne, irin su "eh to" da "wato" da maimaita kalma saboda numfashi. Cire su ba ya canza komai, barin su kuma yana sa mutum ya zama kamar bai iya magana ba, alhali ya fito ne daga minti casa'in na ihu a bakin layi. Wasu gidajen jarida ba sa yarda ko da wannan, don haka ka tambayi ƙa'idar gidanku ka tsaya a kanta ga kowa, babba da yaro.

Iyakar ke nan. Ba a ƙara kalma. Ba a musanya kalmarsa da wadda ta fi daɗi. Ba a ɗauko jimlar minti na farko a manna ta da ta minti na huɗu a cikin alama ɗaya kamar a jere ya faɗe su, domin tambayoyi biyu daban yake amsawa. Idan dole ka yi amfani da duka biyun, rufe ta farko, ka ce "da aka tambaye shi game da raunin kyaftin ɗinsa kuwa", sannan ka buɗe ta biyu. Ɗigo uku da ake sawa a nuna an tsallake wani abu, ka yi hattara da su. Gwajin da nake yi shi ne in karanta abin da na tsallake shi kaɗai. Idan akwai "amma", ko "in", ko "sai dai", ko "ba" a ciki, to ba a tsallake shi.

Haka ma karin harshe. Idan Basakkwace ya yi magana da Sakkwatanci, ko ɗan kokawa daga Maraɗi ya yi da Hausar can, kada ka mayar da ita Kananci sannan ka rufe da alamar zance. Ko dai ka bar ta yadda take, ko ka faɗi ma'anar da kalmominka.

Idan da Turanci ya yi maganar

Nan ne matsalar da ta keɓanta da mu masu rubutu da Hausa. Yawancin abin da muke sawa a alamar zance ba da Hausa aka faɗe shi ba. Kocin Firimiyar Ingila da Turanci ya yi, ɗan wasan Super Eagles wani lokaci da burokin, na Nijar ko Kamaru da Faransanci. Duk kalmar da ke cikin alamar taka ce, kai ka zaɓe ta. Wannan bai haramta sa alamar ba, amma ya ninka nauyin da ke kanka.

Abu na farko, nemi maganar a harshen da aka yi ta, da muryar mai ita in zai yiwu. Kada ka fassara fassara. Idan ɗan wasa ya yi hira da Italiyanci, wata jarida ta mayar Turanci, kai kuma ka mayar Hausa, maganar ta bi ta hannu biyu, kowane hannu kuma yana rage wani abu ya ƙara wani. A wannan hali ka cire alamar, ka ce kamar yadda jaridar kaza ta fassara.

Abu na biyu, kula da ƙarfin kalma. 'Yan ƙwallo masu Turanci suna yawan amfani da kalmar da asalinta fashi take nufi, alhali abin da suke nufi shi ne sakamakon bai yi musu adalci ba. Ka rubuta "an yi mana fashi" da Hausa, mai karatu zai ji zargin sata da gangan. Haka kalmar da suke faɗa idan ba su ji daɗin sakamako ba, wani ya fassara ta "na yi takaici", wani "raina ya ɓaci", wani "na fusata". Waɗannan hawa uku ne daban-daban, kuma kanu yakan ja mutum zuwa na saman. Zaɓi wanda ya yi daidai da muryar da ka ji. In kana kokwanto tsakanin biyu, ɗauki mai sauƙin.

Ƙaramar kalma ma tana juya magana. A watan Yunin 2004, lokacin da aka gabatar da José Mourinho a Chelsea bayan ya ci kofin Zakarun Turai da Porto, abin da ya faɗa shi ne yana ganin shi wani ne na musamman, wato ɗaya daga cikin irinsu. Jaridu suka sauya ƙaramar kalma guda, maganar ta koma shi ne Na Musamman, shi kaɗai, laƙabin kuma ya bi shi har yau. Shi bai yi asara ba, amma abin da aka fi tunawa da shi ba daidai yake da abin da ya fito daga bakinsa ba.

Na uku, lamirin "su". Koci zai ce "sun san abin da suka yi". Su wa? Alƙalan wasa, ko abokan hamayya, ko shugabannin ƙungiyarsa da ba su biya alawus ba? Idan kana wurin, tambaye shi nan take: "Koci, su wa kake nufi?" Idan ba ka tambaya ba, ba ka da ikon cike gurbin da zatonka. Rubuta yadda ya faɗa, ka ƙara da cewa bai fayyace waɗanda yake nufi ba.

Maganar da ba kai ka ji ba

Kullum sai an turo maka hoton wani shahararren ɗan wasa a WhatsApp, an rubuta magana mai zafi a ƙasansa. Hoto da rubutu ba hujja ba ne, kowa zai iya haɗa shi a waya cikin minti biyu. Tambayoyi uku nake yi wa irin wannan: a ina ya faɗa, ga wa ya faɗa, yaushe ya faɗa. In babu amsar ko ɗaya daga ciki, maganar ba ta shiga labarina, ko da shafuka ɗari sun ɗauka. Shafuka ɗari da suka kwafa daga wuri ɗaya, majiya ɗaya ce.

Yadda ake bin sawu ba wuya. Ɗauki kalmomi shida ko bakwai a jere daga maganar, a harshen da aka ce an yi ta, ka sa su cikin alamar zance a Google, ka nemi wallafa mafi tsufa. Ka ga ko ta ambaci taron manema labarai, ko gidan talabijin, ko sunan ɗan jaridar da ya yi hirar. Daga nan ka nemi bidiyon cikakke, ka kalli minti ɗaya kafin maganar da minti ɗaya bayanta, domin guntun bidiyo na daƙiƙa goma sha biyar yakan yanke "amma" ɗin da ke biye. Idan an ce a shafinsa na X ko Instagram ya rubuta, je shafin da kanka ka karanta sunan asusun harafi bayan harafi. Shuɗin maki a X ba ya wadatarwa, tunda yanzu da kuɗi ake samunsa. Hanya mafi tabbas ita ce ka bi ta shafin ƙungiyarsa ka ga wane asusu suke ambata. In ka same shi, ɗauki hoton allon da kwanan wata a jiki, domin 'yan wasa suna goge rubutu idan ƙura ta tashi.

Tambayar "yaushe" tana da muhimmancin da ba a cika ba ta ba. A ƙarshen Disambar 2021 tashar Sky ta Italiya ta watsa hirar Romelu Lukaku, inda ya ce bai ji daɗin halin da yake ciki a Chelsea ba. Kocinsa na lokacin, Thomas Tuchel, ya ajiye shi a wasan Liverpool na ranar 2 ga Janairun 2022. Amma an naɗi hirar ne kimanin mako uku kafin a watsa ta, lokacin da yake dawowa daga rauni kuma ba a fara wasa da shi, alhali a ranakun da ta fito ya riga ya koma cin ƙwallo. Maganar tasa ce, ba wanda ya ƙaga masa. Sai dai wanda ya rubuta "a jiya Lukaku ya ce" ya yi kuskure, wanda ya rubuta "a hirar da aka naɗa makonni da suka wuce aka watsa jiya" shi ya ba mai karatu abin da zai auna maganar da shi.

Idan ka tabbatar da maganar amma wani ne ya samo ta, faɗi sunan gidan: ya shaida wa gidan rediyo kaza, ya rubuta a shafinsa, sanarwar ƙungiya ta ambato shi yana cewa. Wannan na ƙarshe yana da amfani, domin maganar da ke cikin sanarwa sau da yawa jami'in yaɗa labarai ne ya tsara ta aka sa sunan koci. Kada ka rubuta ta kamar a gabanka aka yi.

Yaushe ake barin alamar zance

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma ba duk abin da ya fito daga baki ne waƙa ba. Ina amfani da alamar zance ne domin abu uku: zargi ko musu, inda ainihin kalmomin za su iya zama abin shari'a ko hukunci, alkawari ko alwashi da za a tuna wa mutum gobe, da magana mai ɗanɗanon da ba wanda zai iya faɗinta sai shi. A watan Maris na 1995, bayan kotu ta sassauta wa ɗan wasan Manchester United Eric Cantona hukuncin harbin wani ɗan kallo da ƙafa a filin Crystal Palace, ya zauna gaban manema labarai ya yi jimla ɗaya a kan tsuntsayen teku da ke bin jirgin masunta saboda suna tsammanin za a watsa musu kifi, ya tashi ya fita. Irin wannan ba a taƙaita ta, yadda aka faɗe ta shi ne labarin. Haka kirarin ɗan dambe kafin ya shiga fage. Ka kawo shi yadda yake, ka nuna kirari ne, kada ka mayar da shi "ya yi barazanar kashe abokin karawarsa" alhali kowa a dandali ya san kisa a dambe kayarwa ce.

Sauran kuwa, faɗa da kalmominka ya fi. Bayanin lissafi, kamar ranar da ɗan wasa zai dawo atisaye ko yawan makin da ake nema, ba ya buƙatar alama. Maganar da ta yi tsawo ta kewaye, taƙaita ta. Maganar da kowane koci ke yi bayan kowane wasa, cewa yara sun yi ƙoƙari kuma za a koma a gyara kurakurai, layi ɗaya ya ishe ta, ko a bar ta gaba ɗaya. Inda ihu ya rufe kalma biyu a naɗin, ko inda ba ka naɗa ba sai abin da ka riƙe a ka, babu zaɓi, alamar ba ta shiga.

Akwai kuma lokacin da mai maganar ya yi kuskure. Koci ya ce wasa biyar ke nan ba a doke su a gida ba, ka duba jadawali ka ga huɗu ne. Kada ka gyara lambar a cikin alamar zance, wannan sa masa magana a baki ne. Kada kuma ka buga ta haka ka yi shiru, domin ka yaɗa kuskure. In lambar ba ta da muhimmanci, bar jimlar, ka kawo adadin daidai da muryarka. In tana da muhimmanci, kira shi: "Koci, na duba na ga huɗu ne, ko akwai wasan da na manta?" Wataƙila ya haɗa da na kofin ƙalubale, ka ga ke nan ku duka kuna da gaskiya, sai ka fayyace a labarin.

Faɗa da kalmominka ba lasisin sakaci ba ne. Gwajinsa shi ne ka ɗauka kana karanta wa mutumin jimlar a gabansa. In zai gyaɗa kai ya ce haka nake nufi, ta yi. In zai ce "a'a, ban kai nan ba", koma ka rage.

Kalmar da kake jingina maganar da ita

"Ya ce" da "in ji" ba sa ɗaukar ɓangare, shi ya sa ba na gajiya da maimaita su. Sauran kowace da kayan da take ɗauke da shi. "Ya amsa cewa" tana nuna akwai laifin da ake ɓoyewa. "Ya yi iƙirarin" tana nuna ba ka yarda ba. "Ya tabbatar" tana nufin abin gaskiya ne kuma shi yana da hurumin sani, don haka wakilin ɗan wasa ba ya tabbatar da cewa ƙungiya kaza tana zawarcin yaronsa, cewa kawai yake yi. "Ya caccaki" da "ya yi kaca-kaca da" sai in da gaske an yi caccakar. A misalinmu na sama, kocin da ya ce sai ya kalli bidiyo bai caccaki kowa ba. Ita kuwa "wai", a kunnen Bahaushe shakka ce ko raini. Kada ta shiga labari sai a cikin maganar wani.

Idan ɗan wasa ya gaya maka ana bin ƙungiya albashin wata uku amma ya roƙi a sakaya sunansa, ku yi yarjejeniyar a fili kafin ya fara: me za a buga, kuma da wace siffa za a ambace shi. A nan ma faɗa da kalmominka ya fi aminci, domin a ƙungiya mai mutum talatin kowa ya san salon maganar kowa, kalma ɗaya da ya saba faɗa za ta tona shi. Kada ka ce "'yan wasa sun ce" in mutum ɗaya ne ya ce. Nemi na biyu wanda ba tare suka zo maka ba, sannan ka kira shugabannin ƙungiyar ka ji ta bakinsu, ka rubuta lokacin da ka kira da abin da suka amsa, ko cewa ba su ɗauka ba.

Dubawar ƙarshe kafin ka tura

Idan ka gama rubutu, bi labarin daga sama ka tsaya a kan kowace alamar zance. A gefen kowace, a kwafinka, rubuta inda ta fito: minti da daƙiƙa a naɗi, ko adireshin shafin. Kunna wurin ka saurara idonka na kan rubutun. Wadda ba ka iya nuna tushenta ba, cire mata alamar ko ka cire ta duka. Duba kowane "ya ce" ka tabbatar mai karatu zai san wane ne, musamman inda koci biyu suka yi magana a jere. Da zarar mai magana ya canza, fara sabon sakin layi da sunansa. A labari mai magana huɗu ko biyar, wannan duka bai fi minti goma ba.

Kanu shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi haɗari, domin sau da yawa ba kai kake rubuta shi ba. Tura wa edita gargaɗi tare da labarin: "Yallaɓai, kocin bai ambaci alƙalin wasa ba, kuma da sharaɗi ya yi maganar, don Allah kada ta hau kanu a matsayin zargi." Ba shi wanda zai iya amfani da shi, kamar: Sai na kalli bidiyo kafin in yi magana kan fenariti, in ji koci.

Naɗin kuma kada ka goge shi don wayarka ta cika. Sa masa suna da kwanan wata da wasan, ka tura kwafi zuwa imel ɗinka, ka ajiye aƙalla har ƙarshen kaka. Idan wani ya kira ya ce ba haka ya faɗa ba, kada ku yi musu a waya. Ce masa za ka saurara ka kira shi. In naɗin ya goyi bayanka, tura masa guntun wurin tare da tambayar da ta gabace shi. In shi ke da gaskiya, gyara jimlar a ranar, ka rubuta a ƙasan labarin abin da aka fara bugawa da abin da ya faɗa a zahiri, ka kuma sa gyaran a duk shafin da ka yaɗa na farkon.